Wa Ke Kallo, da Me Yake Kallo? Yadda Ake Gane Tsawon Bidiyon da Ya Dace

Duk inda masu ɗora bidiyo a YouTube suka haɗu, ba a daɗewa sai wani ya jefo tambayar nan: minti nawa ya kamata bidiyo ya yi? Wani zai ce kada a wuce minti uku, mutanen yanzu ba su da haƙuri. Wani zai ce a tabbata an kai minti takwas, domin daga nan ne ake iya saka talla a tsakiya. Na uku kuma zai kawo Izzar So da Labarina, ya ce ga shirye-shiryen da kashi ɗaya ke cin kusan awa guda ko fiye, kuma jama'a na zaman jiran fitowarsu. Kowannensu yana faɗin abin da ya yi wa wata tasha aiki ne. Tasharka kuwa tana da nata masu kallon, kuma YouTube na rubuta maka halinsu kyauta: shekarunsu, maza ne ko mata, da kuma abin da suke kallo da shi, waya ko talabijin ko kwamfuta.

Akasarin masu tashoshi sun san da waɗannan alƙaluma. Inda ake yin kuskure shi ne wajen karanta su. Mutum zai buɗe, ya ga matasa ne suka fi yawa, ya ce shi ke nan, a gajarta komai a hanzarta. Yawan kawuna bai isa a yanke hukunci a kansa ba. Abin dubawa shi ne tsawon lokacin da kowane rukuni ke zama kafin ya tashi, sai kuma daidai wurin da yake tashi.

Inda alƙaluman suke

Manhajar YouTube Studio ta waya tana nuna taƙaitaccen bayani a ƙarƙashin Analytics, a sashen Audience. Wannan ya isa a leƙa, amma bai isa a yi kwatance ba. Wanda ke son cikakken teburi sai ya shiga studio.youtube.com ta burauza, zai fi sauƙi a kwamfuta, ya danna Analytics, sannan Advanced mode. A nan ne zai iya rarraba masu kallonsa ta hanyar Viewer age, Viewer gender da Device type. Shekaru an kasa su gida bakwai: 13 zuwa 17, 18 zuwa 24, 25 zuwa 34, haka har zuwa 65 da abin da ya yi sama.

A gaban kowane rukuni akwai ma'auni biyu da za su zama abokan aikinka. Na farko shi ne Average view duration, wato matsakaicin mintocin da ake kallo. Na biyu shi ne Average percentage viewed, wato kashi nawa cikin ɗari na bidiyon ake kallo. Biyun nan tare ake karanta su, kuma za mu ga dalili a gaba. Tun shekarar 2012 YouTube ya karkata daga ƙirga dannawa kawai zuwa la'akari da lokacin da mutane ke ɗauka suna kallo, shi ya sa mintoci ke da nauyi haka.

Kada a duba bidiyo ɗaya, kada kuma a duba mako ɗaya. A zaɓi kwana 90, a kuma haɗa bidiyoyi masu kama da juna. Gajerun bidiyoyin Shorts, waɗanda tun Oktoban 2024 suke iya kaiwa minti uku, a ware su daban, domin cakuɗa su da dogaye yana lalata lissafin gaba ɗaya.

Wanne ne abin yarda a cikin ukun?

A ganina, bayanin na'ura ya fi sauran biyun gaskiya, nesa ba kusa ba. Waya ba ta iya cewa ita talabijin ce. Shekaru da jinsi kuwa suna fitowa ne daga asusun Google na waɗanda suka shiga da asusunsu, kuma a ƙasar Hausa wannan na da matsala babba.

Kowa ya san yadda ake buɗe wa mutane imel a wurinmu. Ka sayi waya a kasuwa, yaron shago ya karɓa ya saita maka, ya cika ranar haihuwar da ta zo masa a ka, ya miƙo maka. Maigida ya canza waya, ya ba uwargida tsohuwar da asusunsa a ciki. Da yamma yara su karɓi wayar uwarsu su yi ta kallo. A idon YouTube, duk wannan kallon na magidanci ne ɗan shekara arba'in. Haka kuma gidan 13 zuwa 17 yakan fito kusan fayau, alhali yaran na nan suna kallo da asusun manya ko da shekarun ƙarya. Mutum biyar da suka zagaye waya ɗaya a majalisa ko a tsakar gida, kallo ɗaya za a rubuta. Waɗanda suka je wurin masu tura fina-finai aka zuba musu a memori, ko aka tura musu ta Xender, su kam ba sa cikin lissafin ko kaɗan.

Wannan ba ya nufin a watsar da shekaru da jinsi. A riƙe su a matsayin alama, a nemi abin da zai gaskata su: su wa ke rubuta sharhi, me suke tambaya, da wane irin harshe suke magana. Idan tashar ƙarama ce, YouTube kan ɓoye wannan bayani ma har sai masu kallo sun yi yawa, don kare sirrin mutane.

Misali daga tashar girki

Bari mu ƙaddara wata tasha, da alƙaluman da na tsara don bayani kawai. Wata baiwar Allah tana koyar da girki da Hausa. Bidiyoyinta sukan yi minti 14, kuma a cikin kwana 90 an kalle su sau 20,000. Tana so ta san ko ta rage tsawo.

Ta fara da na'ura. Kashi 88 cikin ɗari na kallon daga waya ne, kuma masu wayar suna zama minti 4 da daƙiƙa 12, wato kashi 30 na bidiyon. Masu talabijin kashi 7 ne kacal, amma suna zama kusan minti 10. Ragowar 'yan kwamfuta ne, suna tsakiya. Idan aka ninka yawan kallo da mintoci, za a ga cewa 'yan talabijin ɗin nan, duk da ƙarancinsu, sun kawo kusan kashi 15 na dukkan lokacin kallo, ninki biyu na kasonsu. Duk da haka, kusan kashi huɗu cikin biyar na lokacin daga waya yake zuwa. Hukunci na farko ya fito: bidiyonta na masu waya ne, kuma masu wayar ba sa kaiwa ko sulusinsa.

A nan ya kamata ta tambayi kanta su wane ne 'yan talabijin ɗin. Idan ta tace teburin da Geography, mai yiwuwa ta tarar yawancinsu Hausawa ne mazauna Saudiyya ko Birtaniya ko Amurka, inda intanet na gida ba ya ƙarewa a tsakiyar kallo. Dogon zamansu ba lallai ne ya nuna sun fi son bidiyon ba. Mai talabijin yakan jingina da kujera ya bar abu yana tafiya, wani lokacin ma ya shiga kicin ya bar shi yana yi. Mai waya kuwa babban yatsansa na kan gilashi, saƙo na shigowa, batir na raguwa, data na tafiya.

Maganar data ba ƙarama ba ce. Kallon awa ɗaya a ingancin 480p yana iya cin kusan rabin giga, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Mai kallo a Kano ko Maraɗi yana biyan kowane minti daga aljihunsa. Saboda haka shawarwarin da ke zuwa daga Amurka sai an tace su. A watan Fabrairun 2025 shugaban YouTube, Neal Mohan, ya bayyana cewa a Amurka talabijin ya zarce waya wajen yawan lokacin da ake kallon YouTube. Masu tashoshi a can suna tsawaita bidiyo saboda wannan dalili, kuma suna da hujja. Wanda kashi 88 na masu kallonsa ke kan Tecno da Itel da Infinix ba shi da wannan hujjar.

Sai ta koma kan shekaru. 'Yan 18 zuwa 24 su ne kashi 45 na kallon, suna zama minti uku da rabi. 'Yan 25 zuwa 34 kashi 35 ne, suna zama minti biyar da ɗoriya. Waɗanda suka haura 35 suna wuce minti shida. Da yawan kawuna za ta bi, da ta ce tasharta ta matasa ce. Amma idan aka yi lissafin lokaci, 'yan 25 zuwa 34 sun ba ta kusan kashi 39, matasan kuma kusan kashi 34. A cikin rukunan nan biyu, wanda ya fi ƙanƙanta shi ya fi riƙe tashar. Kuma wannan ya dace da hankali, domin mai iyali da ke son ta girka abin gobe za ta tsaya ta ga ƙarshensa, wadda ta shigo don sha'awa kuwa ta ga kalar abincin ta wuce.

Jinsi ne ya fi ba ta mamaki: teburin ya ce kashi 58 maza ne. Ga shi kuma kusan duk masu sharhi mata ne, suna tambayar gwangwani nawa na shinkafa za a jiƙa. Kafin ta canza salon maganarta don maza, sai ta kwatanta bidiyo da bidiyo. Idan kason maza ya tsaya kusan wuri ɗaya a kan kowane irin abinci, har da girkin amarya da na mai jego, to da alama asusun mazaje ne a hannun matansu. Idan kuwa ya yi tsalle a bidiyon dafa taliya cikin sauri ko haɗa shayi, ya faɗi a bidiyon alkaki da dubulan, to lallai akwai gwauraye da ɗalibai na gaske a cikin masu kallonta, kuma sun cancanci a yi musu nasu gajerun bidiyoyin.

Takun bidiyo: inda ake tashi da inda ake komawa baya

Teburin shekaru da na'ura yana faɗa maka minti nawa ake zama. Ba ya faɗa maka abin da ya kori mutane. Wannan sai a zanen riƙe masu kallo, wanda ke cikin Analytics na kowane bidiyo, ƙarƙashin Key moments for audience retention. Layi ne da ke farawa daga sama ya riƙa gangarowa, yana nuna kashi nawa suka rage a kowace daƙiƙa. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana. Mai sayar da abinci da ta san sana'arta ba ƙirga kwanukan da suka fita kawai take yi ba, tana duba abin da aka bari a cikinsu idan sun dawo. Aikin wannan zane ke nan.

Mai girkinmu ta buɗe na bidiyon masa. A daƙiƙa 30 na farko, wurin da YouTube ke kira Intro, kashi 55 ne kawai suka rage. Me ke cikin daƙiƙoƙin nan? Tambarin tasha yana juyawa da kiɗa, sai doguwar gaisuwa ga masu kallo na gida da na waje, sai roƙon a danna alamar ƙararrawa. Ba a nuna masa ba tukuna. Ni ba na cikin masu cewa a daina sallama. Bahaushe ba ya faɗa wa mutane haka kawai, kuma masu kallo za su ji babu daɗi. Amma sallama da gaisuwa suna shiga cikin daƙiƙa biyar, kuma ana iya yinsu alhali hoton masa mai zafi a tanda yana kan gilashi. Roƙon a bi tasha ya jira sai mutum ya ga amfanin da zai sa ya bi.

Daga minti na uku zuwa na shida layin ya ci gaba da zubewa da sauri. A nan ne take wanke shinkafa, tana yanka albasa, tana jera kwanuka, duk a ainihin tsawon lokacinsu. Babu macen da ke buƙatar a koya mata yanka albasa na minti biyu. Wannan wuri ne na almakashi.

Sai kuma wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi: a minti na bakwai layin ya yi tozo, ya ɗaga sama. Tozo yana nufin mutane sun koma baya sun sake kallon wurin, ko sun tsallako kai tsaye zuwa gare shi. A daidai nan take faɗin awon yis da sukari da kanwa, tana nuna kaurin ƙullu. Ta faɗe shi cikin sauri, rubutun da ta saka kuma ƙanana ne, ba sa karantuwa a gilashin waya. Ashe bidiyon da ake zargi da jan jiki yana da wurin da ya yi gaggawa fiye da kima. Gyaran takun bidiyo ba hanzarta komai ba ne. A nan sai ta sassauta, ta maimaita awon, ta rubuta shi da manyan baƙaƙe, ta kusanto da kyamara a ga yadda ƙullun ke zuba daga ludayi. 'Yan 25 zuwa sama, waɗanda su ne ƙashin bayan tashar, wannan wurin suka zo nema.

Akwai iyaka da ya kamata a sani. Wannan zane ba ya rabuwa gida-gida bisa shekaru ko jinsi. Ana iya kwatanta waɗanda suka bi tasha da waɗanda ba su bi ba, ko sababbin masu kallo da masu dawowa, amma ba za ka ga layin 'yan mata daban da na dattawa ba. Sai dai ka haɗa hujjoji biyu da hankalinka: teburi ya ce matasa na tafiya wajen minti uku da rabi, zane ya ce zubewar ta yi tsanani daga minti na uku, to da alama su ne ke ficewa a wurin albasa. Hasashe ne mai ƙarfi, amma a gwada shi kafin a mai da shi doka.

To minti nawa?

Idan ta cire tambari da doguwar gabatarwa, ta datse wanke-wanke da yanke-yanke, ta ƙara rabin minti a wurin awo, bidiyon minti 14 zai dawo kusan minti 9 ba tare da an rasa komai na darasin ba. Abin lura shi ne tsawon ya fito ne daga abin da aka cire da abin da aka bari. Ba a fara da zaɓen lamba sannan a cusa girki a ciki ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa ake karanta ma'aunan nan biyu tare. Idan bidiyon minti 9 ya samu kallon kashi 50, mintoci huɗu da rabi ke nan, ya zarce minti 4 da daƙiƙa 12 na da, ga shi kuma mutane sun fi kaiwa ga wurin awo. Amma a ce ta zarme ta mai da shi minti 6, aka kalli kashi 60. Kason ya yi kyau a ido, ya ninka na farko, sai dai mintocin sun koma 3 da daƙiƙa 36. Ta yi asara tana murna. Ga wanda ke neman cika awa 4,000 na kallo cikin wata 12 da mabiya 1,000 don ya fara samun kuɗin talla, wannan bambanci yana da tasiri. Haka nan kuma wanda ke ja wa bidiyon minti biyar wutsiya don ya kai takwas saboda tallar tsakiya, zanen zai tona masa asiri, domin mutane za su watse kafin tallar ta zo.

'Yan talabijin fa, a yi watsi da su? A'a. Kashi 15 na lokaci ba abin zubarwa ba ne. Tana iya yi musu dogon bidiyo ɗaya a wata, kamar cikakken girkin sallah daga farko har ƙarshe, cikin natsuwa, da hoto mai kyau da zai cika babban gilashi. Sai ta auna shi da 'yan'uwansa dogaye, kada ta haɗa shi da na minti tara.

Gwajin kansa yana son haƙuri. Ta yi bidiyo huɗu ko biyar a sabon tsari, abinci masu kama da na baya, ta bar kowanne ya yi mako biyu zuwa huɗu, sannan ta koma teburin. Kada ta canza tsawo da hoton bango da ranar ɗorawa a lokaci guda, domin idan abu ya gyaru ba za ta san wanne ya gyara shi ba. Ta kuma kula da lokaci. Alƙaluman watan azumi ba a kwatanta su da na sauran watanni, musamman a tashar girki, domin masu neman kayan buɗa-baki suna tururuwa, awannin kallo ma suna komawa dare. Haka idan bidiyo ɗaya ya yi farin jini ya bazu a WhatsApp, zai kwaso baƙin da ba su san tashar ba, su leƙa su fita, su ja matsakaicin mintoci ƙasa. Irin wannan a cire shi daga lissafi a dube shi shi kaɗai.

Masu kafa hujja da dogayen shirye-shiryen Kannywood su tuna cewa mai kallon labari mai dogon zango ya san 'yan wasan, ya kwana da tunanin inda aka tsaya, ya tanadi datarsa musamman don wannan ranar. Mai sauraron tafsiri ma yakan ajiye wayar a gefe yana aikinsa, kunne ne ke aiki, don haka yawan yanke hoto ba zai ƙara masa komai ba, tsabtar murya ce za ta riƙe shi. Kowane irin shiri da mutanensa da yanayin da suke kallonsa.

Kai da ke da tasha, kafin ka kunna kyamara a karo na gaba, buɗe Device type na kwana 90 da suka wuce, ka rubuta mintocin masu waya a takarda. Sannan ka buɗe zanen bidiyoyinka uku na baya, ka kai kallo daidai wannan mintin, ka ga me kake yi a lokacin da mutane ke tashi. Daga nan za ka fara yanka.